Ƙullin Faransa da Ƙullin Buliyan: Yadda Ake Daidaita Murɗi da Girma

 A wannan makon mun kawo bayani kan ƙulli iri biyu da ake yi a ɗinkin ado na hannu. Na farko shi ne ƙullin Faransa, ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, wanda ake yin idon tsuntsu ko tsakiyar fure da shi. Na biyu shi ne ƙullin buliyan, mai tsawo kamar 'yar tsutsa, wanda ake yin ganyen fure da shi. Dukkansu naɗa zare ake yi a jikin allura, kuma wurin naɗin nan ne aiki ke yin kyau ko ya lalace.

Mu fara da kayan aiki. Zaren ado na auduga sili shida ne a haɗe, ana raba shi a ɗauki adadin da ake so. Kada tsawonsa ya wuce kamu ɗaya, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu, domin dogon zare yana cukurkuɗewa. Sai a ɗaure yadin a zoben katako ya miƙe sosai, saboda aikin yana buƙatar hannu biyu.

Ga yadda muke yin ƙullin Faransa. Mu fito da allura daga bayan yadi, mu kama zaren da hannun hagu, mu naɗa shi sau biyu a jikin allura. Sai mu soka tsinin kusa da inda zaren ya fito, ba cikin ramin ba. Kafin mu tura allurar, mu ja zaren a hankali har naɗin ya sauko ya zauna a kan yadi. Kada mu saki zaren sai ya kusa shigewa duka. Bahago sai ya musanya hannu kawai.

Idan ƙullin ya ɓaci, kamanninsa ne za su faɗa mana dalili. Wanda ya ɓace ya koma bayan yadi, an soka allura ne a ramin farko. Wanda ya fito da madauki a kansa, an saki zaren da wuri. Wanda ya yi wutsiya kuwa, an soka allurar da nisa. In allura ta ƙi wucewa, an matse naɗin fiye da kima.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne girma. Da yawa suna tsammanin in ana son babban ƙulli sai a ƙara naɗi. Amma idan naɗi ya wuce uku, ƙullin yakan yi sako-sako ya kwanta gefe, domin zare ɗaya ne kawai yake riƙe shi ta tsakiya. Hanyar da ta fi ita ce a bar naɗi a biyu, a ƙara sili. Sili biyu na ba da ƙarami, sili huɗu matsakaici, sili shida babba, kuma kowanne zai zauna daram.

Yanzu sai buliyan. A nan allura tana da muhimmanci. Yawancin allurai suna da kumburi wajen kafa, inda zare ke shiga, kuma kumburin yana maƙalewa cikin naɗi. A nemi doguwar allura wadda kaurinta ɗaya ne tun daga jiki har kafa.

Mu sa ɗigo biyu a yadi da fensir. Mu fito ta ɗigon farko, mu soka a na biyu, mu sake fito da tsinin ta ɗigon farko, amma kada mu zare allurar, mu bar ta kwance cikin yadin. Sai mu naɗa zaren a tsinin, naɗi kusa da naɗi, ba ɗaya bisa ɗaya ba. Mu danne naɗin tsakanin babban yatsa da manuniya, mu ja allurar ta cikinsa har zaren ya ƙare. Daga nan mu kwantar da naɗin wajen ɗigo na biyu, mu ja zaren ya kama, mu gyara shi da tsinin allura, sannan mu soka a ɗigo na biyu mu rufe.

Sau nawa za a naɗa? Ƙa'idar ita ce tsawon naɗin a jikin allura ya yi daidai da tazarar ɗigon biyu. In ya yi daidai, ƙullin zai kwanta a miƙe. In ya gaza, za a ga tsiraicin zare a ƙarshe, ko yadin ya tattare. In ya zarce, ƙullin zai lanƙwashe kamar jinjirin wata, domin ba shi da wurin miƙewa. Wannan lanƙwasar ba aibi ba ce, da ita ake yin fure.

Sai maganar murɗi. Kowane zare murɗa shi aka yi tun daga masaƙa. Ku riƙe shi a tsaye ku duba da kyau: in layukansa sun karkata kamar tsakiyar harafin S, murɗin S ke nan, kuma haka zaren ado na auduga yake. In sun karkata kamar tsakiyar Z, murɗin Z ne, irin na zaren rayon mai sheƙi da ake ɗinkin adon Burazil da shi. Idan muka naɗa ta ɓangaren da ya saɓa wa murɗin, zaren zai warware, ƙullin ya canza kama. Gwajin mai sauƙi ne. Ku naɗa sau biyar ku duba. In zaren ya ƙara matsewa kamar igiya, ku ci gaba. In ya buɗe, siraran zarurrukan cikinsa suka rarrabu, ku kwance ku naɗa ta ɗaya ɓangaren. Duk ɓangaren da kuka zaɓa, ku tsaya a kansa har ƙarshen aikin, in ba haka ba ganyen furen ba za su yi kama da juna ba. Bayan kowane ƙulli uku ko huɗu, ku saki allurar ta yi lilo a iska, murɗin da ya taru ya kwance da kansa.

Bari mu kawo misali da ƙaramin fure a gefen hankici. Da sili uku, mun naɗa sau biyar a allura mun auna da rula, muka samu milimita 3. Ke nan naɗi 10 zai rufe milimita 6. Mun yi ƙullin Faransa ɗaya mai naɗi biyu a tsakiya. Sai muka sa ɗigo biyu a gefensa masu tazarar milimita 6, amma maimakon naɗi 10 muka yi 14. Ƙarin huɗun nan shi ya sa ƙullin ya lanƙwashe ya rungumi tsakiyar. Mun yi irinsa guda uku, kowanne yana farawa daga rabin na bayansa, sai suka rufe da'ira. A zagaye na waje mun yi guda biyar masu tazarar milimita 9. Miƙaƙƙe zai ci naɗi 15, don haka muka yi 20.

Wannan lissafin na zarenmu ne da allurarmu. Naku zai iya bambanta, saboda haka kowa ya auna nasa naɗi biyar ɗin a ƙyalle kafin ya taɓa yadin da za a ba da maki a kansa. Ƙulli yana da wuyar kwancewa in an riga an ja shi, sau da yawa sai dai a sa almakashi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.