Me Ya Sa Janareta Mai kVA 100 Ke Kasa Tayar da Mota Mai kW 37?

A ɗauka wani ya kafa ƙaramin kamfanin casar shinkafa a wajen Kura. Babbar motar lantarki da ke juya injin goge shinkafa an rubuta kW 37 a jikinta. Akwai fankar da ke zuƙe ƙaiƙayi mai kW 15, sai ƙananan motoci da fitilu da kayan ofis. Tun da mota na jan wuta ɗan fiye da abin da aka rubuta a jikinta, babbar za ta ci kamar kW 40, fankar 17, sauran tarkacen 13. Jimilla 70 ke nan. Maigida ya je kasuwa ya sayo janaretan dizal mai kVA 100, wanda a ƙa'idar masu ƙerawa yake ba da kW 80, ya dawo yana ganin har da rara.

Ranar da aka fara ɗauke wuta, janareta ya tashi lafiya, fitilu suka kama. Da aka danna makunnin babbar motar sai fitilun suka dushe, kwantakta ta hau karkarwa kamar za ta ɓalle daga allo, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi, komai ya mutu. Nan take za ka ji an ce janaretan jabu ne, ko makaniki ya ce a canza AVR, wato ɗan akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta. Alhali janaretan lafiyarsa ƙalau. An yi lissafin abin da motar ke ci tana gudu, an manta da abin da take nema lokacin tashi.

Duk wanda ya taɓa tura amalanke cike da buhuna ya san wahalar tana farkon turi. Motar lantarki irin wadda ake amfani da ita a masana'antu, idan aka jona ta kai tsaye, tana jan wajen ninki shida na wutar da take ci a guje, na ƴan daƙiƙu har ta kai cikakken gudu. Tamu mai kW 37 a layin bolt 415 tana cin amfiya 65 a guje. A tashi kuwa amfiya 390 take nema, wanda ya yi daidai da kVA 280. Janaretan maigida iyakarsa amfiya 139. Layin KEDCO ko na NIGELEC yakan shanye wannan jan ba tare da an lura sosai ba, domin akwai babbar taransifoma da dukan tashoshin ƙasa a bayansa. Janareta shi kaɗai ne gayya.

Abin da ke faruwa a cikinsa shi ne ƙarfin wuta ya faɗi nan take, kafin AVR ya farga ya ƙara wa maganaɗisun altanato kuzari. Ana iya ƙiyasta zurfin faɗuwar da wata lamba da ke takardar bayanan altanato, wadda ake rubutawa X'd, kuma ta bambanta daga wannan ƙira zuwa waccan. A ɗauka tamu 0.2 ce:

```
faɗuwa = X'd / (X'd + kVA janareta / kVA tashi)
       = 0.2 / (0.2 + 100/280) = 0.36
```

Wato ƙarfin wuta ya zube da kashi 36 cikin ɗari. A nan matsala biyu ke haɗuwa. Kwantakta maganaɗisu ne ke riƙe ta, kuma idan wuta ta yi ƙasa haka tana iya saki, wutar ta dawo, ta sake kamawa, ta sake saki. Wannan ce karkarwar da ake ji, kuma ita ke cinye bakin kwantakta. Ita kuma motar, ƙarfin juyinta ba daidai da faɗuwar yake raguwa ba, ninkin kansa yake yi: wuta ta koma 0.64, ƙarfin juyi ya koma kamar 0.41. Motar da ke ɗaure da bel da injin goge mai nauyi tana iya tsayawa tana gurnani, tana ci gaba da jan ninki shida, har koyil ya fara wari.

Wannan duka labarin altanato ne. Injin dizal ɗin yana da nasa. Ko da yake mafi yawan kVA 280 ɗin nan ba aikin gaske ba ne, wajen kashi 30 nasa nauyi ne da ke sauka a kan injin, kimanin kW 84, a bugu ɗaya. Injinan zamani ƙanana ne a jiki, turbo ke tura musu iska su ba da ƙarfin da aka rubuta. Shi kuwa turbo hayaƙin salansa ke juya shi, don haka inji da ke gudu babu kaya turbonsa a kwance yake. Aka ɗora masa kaya farat ɗaya, gwamna zai buɗe mai, iska ba ta iso ba, man ya ƙi ƙonewa sarai. Daga nan baƙin hayaƙin yake, gudun inji ya ja baya, allon ya nuna 50 Hz ta gangaro zuwa 45 ko ƙasa. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan injinan ba sa karɓar fiye da rabi zuwa kashi 60 na ƙarfinsu a taki ɗaya. Ƙa'idar ISO 8528 ta kasa janaretoci aji-aji a kan wannan: ajin G2, wanda ya ishi yawancin masana'antu, ya yarda ƙarfin wuta ya faɗi da kashi 20, gudu da kashi 10, sannan su farfaɗo cikin ƴan daƙiƙu. Mai tsaye gaban allo yana iya bambance ciwon biyu. Idan bolt ne ya zube amma sautin inji bai sauya sosai ba, altanato ne ya gaza. Idan sautin ya yi nauyi, Hz ta faɗi, hayaƙi ya yi baƙi, injin ne.

To, a sayo babba mana a huta? Da lissafin nan na sama, kafin faɗuwar ta tsaya a kashi 20 sai an sami kVA 224, wanda a kasuwa yana nufin mai 250. Zai tayar da motar, ba shakka. Sai dai ƙarfinsa kW 200 ne, kayan kamfanin duka 70, kuma a sa'o'in da ba a goge shinkafa 30 kacal, kashi 15 ke nan. Injin dizal da ya daɗe yana gudu ƙasa da kashi 30 ba ya yin zafin da zai ƙone mai da kyau. Za a fara ganin wani baƙin ruwa mai yauƙi yana tsatsafowa daga mahaɗan salansa, nozul su yi ɗanko, inji ya riƙa shan baƙin mai. An biya kuɗin ƙarfe, ana kuma biyan na gyara.

A ganina hanyar da ta fi ita ce a rage wa motar haɗama a tashi. Tsohuwar dabara ita ce sita-delta, wadda ke mayar da jan wuta kashi ɗaya cikin uku, kVA 93 maimakon 280. Tana da arha, amma ƙarfin juyi ma kashi ɗaya cikin uku yake komawa, kuma idan motar ba ta kusa cikakken gudu ba lokacin da aka sauya zuwa delta, jan wutar kan yi tsalle kusan kamar ba a yi komai ba. Ta dace da injin da ake tayarwa babu shinkafa a cikinsa. Sof-sitata tana ɗaga wuta sannu a hankali. Idan aka saita ta a ninki uku da rabi, buƙatar tashi ta zama kVA 163. A janareta mai kVA 150 faɗuwar ta tsaya a wajen kashi 18, kuma kW 70 ɗin kamfanin ya zama kashi 58 na ƙarfinsa, inda injin dizal ke jin daɗin aiki. Sai kuma tsarin kunnawa, wanda ba ya cin ko kwabo: a fara da babbar mota tun janareta bai ɗauki komai ba, a ba ta ƴan daƙiƙu ta daidaita, sannan fanka, sannan sauran. Allon da ke juya layi da kansa, idan ba a sa masa masu jinkirta lokaci ba, jibga komai yake yi gaba ɗaya.

Wani zai ce ai a sa wa babbar motar VSD, na'urar da ke sarrafa gudun mota, wadda masu wayarin suka fi kira inbata. Ta fuskar tashi babu kamarta, domin da ƙyar jan wutar ke wuce ninki ɗaya da rabi. Amma tana zuwa da nata kayan. VSD tana mayar da wutar layi wuta mai tafiya ɗaya ta tara a kafasita, kuma ba ta jan ta a santsi. Fizga take yi duk lokacin da igiyar wutar ta kai ƙololuwa. Fizgar nan ta haifar da wasu igiyoyi masu sauri a kan ta asali, waɗanda ake kira hamonik, manyansu na biyar da na bakwai, wato 250 Hz da 350 Hz. A layin gwamnati abin bai cika damuwa ba. Janareta kuwa turjiyar cikinsa ta ninka ta taransifoma mai girmansa sau biyu zuwa uku, don haka fizgar tana lanƙwasa siffar wutar da yake bai wa kowa. AVR mai arha ya rikice wajen aunawa, allurar bolt ta riƙa lilo, altanato ya yi zafi alhali kayan da ke kansa ba su kai ba, domin hamonik na biyar yana juyawa ne akasin rota yana dumama ta. Mita mai auna THD ita ke tona asiri. Ƙa'idar IEEE 519 ta sa iyakar lanƙwasar ƙarfin wuta a kashi 8 a irin wannan layi.

Fankar kW 15 kaɗai a kan VSD ba ta kai kashi 15 na janareta mai kVA 150 ba, kuma ba za ta dame shi ba. Aka ƙara babbar motar, kayan VSD sun kai wajen kashi 40, kuma a nan dole a yi tanadi. Mafi sauƙi shi ne riyakta, wani koyil mai nauyi da ake sa wa a gaban VSD, wanda ke iya sauke lanƙwasar jan wuta daga sama da kashi 80 zuwa wajen 35 ko 40. Sai a nemi altanato mai PMG, wanda AVR ɗinsa ke samun wuta daga wani ɗan janareta na daban a bayan rota, ba daga gurɓataccen layin ba. Ana kuma iya neman babban altanato a kan inji ɗaya, tun da hamonik altanato yake wahalarwa. Kafasitocin gyara wuta da wasu kamfanoni ke da su a allo, a cire su daga layi duk lokacin da janareta ke aiki da ƙaramin kaya, don suna iya sa bolt ya haura.

Lambar da aka liƙa da manyan baƙaƙe a jikin janareta yawanci ta jiran ko-ta-kwana ce, wadda ISO 8528 ta ƙayyade wa sa'o'i 200 a shekara. Kamfanin da janaretansa ke aiki kusan kullum ya duba ɗaya lambar da ke ƙasa, ta aikin yau da kullum, wadda takan gaza ta farko da kamar kashi 10. Altanato kuma an auna shi ne a zafin digiri 40 da tudun da bai wuce mita 1000 ba. Ɗakin janareta mai rufin kwano a Sakkwato cikin Afrilu ya zarce wannan zafi, Jos kuma ta zarce wannan tudu, don haka a wuraren biyu sai an rage daga lambar bisa jadawalin kamfanin da ya ƙera shi. Mai kVA 150 na kamfanin shinkafarmu, bayan an cire wannan da wancan, yana iya komawa kusan 130, inda faɗuwar ke taɓa kashi 20 daidai. Kafin a biya kuɗi, a kai wa mai sayarwa jerin motocin da yadda kowace ke tashi, a nemi lissafin a rubuce, sannan ranar da aka girka a tayar da babbar motar da tsakar rana ana kallon bolt da Hz a allo.