Harafin Rashanci da ba shi da murya

A cikin haruffa 33 na Rashanci akwai ɗaya, ь, wanda ba a furta shi ko kaɗan, amma yana iya mayar da ɗan'uwanka aikatau. Kalmar брат, wadda ake faɗa "brat", tana nufin ɗan'uwa namiji. Da zarar an liƙa mata wannan harafi ta koma брать, ma'anarta ta zama ɗauka. Rashawa na kiransa alamar taushi, kuma aikinsa shi ne ya sanar da mai karatu cewa baƙin da ke gabaninsa mai taushi ne.

Taushin nan a harshe yake. Ka ce "i" ka tsaya, za ka ji tsakiyar harshenka ta ɗaga zuwa ganɗa, wato rufin baki. Idan ka furta baƙi alhali harshen yana wannan matsayi, ka yi baƙi mai taushi. Idan tsakiyar harshen ta kwanta, bayansa ya ɗan ja baya, ka yi mai tauri. Bahaushe ya san abin tun yana goye: bambancin "gara" da "gyara" ke nan, ko "kau" da "kyau". Sai dai mu a k, g, ƙ da f kawai muke yi, su kuwa Rashawa baƙaƙe 15 ne ke da tagwaye haka, har da m, r, l da t, kuma suna yi a ƙarshen kalma, inda babu wasalin da za a jingina da shi.

A nan ɗalibi ke tuntuɓe. Bakinmu ya saba rufe kalma da wasali, saboda haka sai брать ta fito "brati", gaɓa ta ƙaru. Wani kuma da ya guje wa wannan sai ya faɗa ramin da Hausa ta haƙa masa, domin a wajenmu t kan rikiɗe ta zama c in ta gamu da i ko e, kamar yadda "sata" ke komawa "sace". Sai ka ji ya ce "brac", wanda a kunnen Barashe ya fi kusa da врач, wato likita. Maganin abin shi ne ka shirya bakinka kamar za ka ce "ti", ka saki t ɗin, ka hana wasalin fita. Abin da zai rage t ce mai 'yar iska siririya a bayanta. In kana shakka, tafa hannu kana faɗa: брат da брать duk tafi ɗaya ne.

Kunne ma yana bukatar horo, kuma a ganina kuskuren masu koyo shi ne zuba wa baƙin kaɗai kunne. Wasalin da ke kusa da shi ne ke tona asiri. A мать, uwa, harshe ya fara hawa tun "a" bai ƙare ba, sai ka ji inuwar "i" a jelarsa. A мат kuwa "a" ɗin a buɗe yake har ƙarshe. Yana da kyau a ƙware a wannan da wuri, don мат ita ce sunan ashar a Rashanci.

Wanda ya yi karatun tajwidi yana da riba a kan л. Mai taurin ta yi kama da lamin sunan Allah idan aka kaurara shi, bayan harshe a ɗage. Mai taushin ta fi l ɗinmu ta yau da kullum siranta. Da wannan ake raba угол, kusurwa, da уголь, gawayi. Wanda ya sa l ta Hausa a duka biyun ya tsaya tsakani, bai faɗi ko ɗaya daidai ba.

A tsakiyar kalma yawanci wasali ne ke ɗaukar aikin alamar. Haruffan а, о, у, э, ы suna bin baƙi mai tauri, я, ё, ю, е, и kuma mai taushi. Shi ya sa лук albasa ce, люк kuwa murfin rami. Kada a cusa y cikakkiya a люк, taushin a jikin l yake. Cikakkiyar y tana fitowa ne idan ь ta shiga tsakanin baƙi da irin waɗannan wasula: семя iri ne na shuka, семья kuwa iyali, kuma a ta biyun ana jin y sarai bayan m.

Wani lokaci alamar kan yaudari ido. Baƙaƙen ж, ш da ц masu tauri ne, ч da щ kuma kullum masu taushi. Don haka ь da ke ƙarshen мышь, ɓera, ba ta sauya furuci ko kaɗan. Nahawu take yi wa aiki, tana nuna cewa kalmar jinsin mace ce, kuma ш ɗin nan da taurinta za ka faɗe ta.