Kwamfutar da ba ta san kowa ba: yadda ake sa inji ya gwada manhajar waya a kowane canji

"Ai a kwamfutata yana aiki." Duk wanda ya taɓa zama cikin masu rubuta manhaja ya ji wannan magana, kuma mai faɗinta yawanci ba ƙarya yake yi ba. A kwamfutarsa yana aikin. Matsalar ita ce manhajar ba a kwamfutarsa za ta zauna ba.

Na yi aiki da wata 'yar tawaga ta mutum huɗu da ke gina manhajar Android ta rubuta ciniki da bashi don masu shaguna. Kowa na rubuta nasa ɓangaren, a tura ma'ajiya guda a GitHub, ranar Alhamis kuma babbansu ya harhaɗa komai a kwamfutarsa ya fitar da fayil ɗin da ake sa wa a waya. Wata Alhamis harhaɗin ya ƙi. Canje-canje goma sha ɗaya aka shigar a makon, ba wanda ya san wanne ne ya ɓata. Sai bayan isha'i aka gano cewa tun ranar Litinin wani ya ƙirƙiri sabon fayil ya manta bai tura shi ba. Kwana uku ana gini a kan rami.

Maganin wannan shi ne abin da masu sana'ar ke kira CI a taƙaice. Ma'anarsa a aikace: duk lokacin da wani ya tura canji, komai ƙanƙantarsa, wata kwamfuta dabam ta ɗauko duk rubutun manhajar daga ma'ajiya, ta harhaɗa shi daga farko, ta yi masa gwaje-gwajen da aka tanada, sannan ta sa koren maki ko jan kuros a gefen canjin. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kent Beck ya sa ta cikin tsarin aikinsa tun ƙarshen shekarun 1990. Abin da ya sauya shi ne, a da sai ka ajiye kwamfuta ta musamman kana kula da ita, yanzu kuwa aro ake yi. GitHub Actions, wanda aka buɗe wa kowa a watan Nuwamban 2019, yana ba ka sabuwar kwamfuta fil a kowane zagaye, ya share ta da an gama.

Wannan sharewar ita ce duk sirrin. Kwamfutar ma'aikaci cike take da abubuwan da ya ɗora shekara da shekaru ya manta. Ta aron kuwa ba ta san kowa ba, ba ta da komai na manhajar sai abin da ke cikin ma'ajiya. In manhaja ta harhaɗu a can, to za ta harhaɗu a hannun sabon ma'aikacin da zai zo gobe.

Shirin kansa fayil ɗaya ne. Ana ajiye shi cikin ma'ajiyar a `.github/workflows/`, ga kuma irin wanda muka fara da shi:

```yaml
name: gwaji
on:
  pull_request:
  push:
    branches: [main]
jobs:
  android:
    runs-on: ubuntu-latest
    steps:
      - uses: actions/checkout@v4
      - uses: actions/setup-java@v4
        with:
          distribution: temurin
          java-version: 17
      - uses: gradle/actions/setup-gradle@v4
      - run: ./gradlew testDebugUnitTest assembleDebug
```

Ko ba ka taɓa rubuta manhaja ba za ka iya bin sa. Layukan sama suna faɗin lokacin da za a tashi aiki: in wani ya nemi a shigar da canjinsa, da kuma in an shigar da shi babban reshe mai suna `main`. Sannan a ari kwamfuta mai Linux, a ɗauko rubutun, a ɗora Java 17 domin kayan harhaɗa Android na zubi na 8 ba sa tashi da abin da bai kai wannan ba. Layin ƙarshe shi ne aikin: a yi gwaji, a harhaɗa.

Kada ka sa ran ganin kore a karon farko. Mu sai a na huɗu muka gani, kuma kowane ja akwai abin da ya tona. Na farko ya tsaya da `Permission denied` a kan `gradlew`, saboda wanda ya fara ma'ajiyar da Windows yake aiki, fayil ɗin bai shiga da izinin tashi ba. Umarni guda ya gyara shi:

```
git update-index --chmod=+x gradlew
```

Na biyu ya koka cewa bai ga `google-services.json` ba, fayil ɗin da ke haɗa manhaja da Firebase. Ashe ta WhatsApp ake tura wa juna shi, bai taɓa shiga ma'ajiya ba. Na uku kuwa lambar sirrin taswira ce da kowa ya rubuta a `local.properties` na kwamfutarsa. Irin waɗannan akwai ma'adana ta musamman da ake kira `Secrets` a cikin saitin ma'ajiyar, nan ake ɓoye su, shirin ya ɗauko lokacin aiki ba tare da sun bayyana a rahoto ba. Makullin da ake sa wa manhaja hannu da shi kafin a kai ta Google Play ma nan ne wurinsa. Wanda ya tura wannan makulli cikin ma'ajiya ya ɗauka ya fita hannunsa ke nan, don ko ya goge daga baya yana nan cikin tarihi.

Da aka samu kore sai murna, amma wuyar aikin tana gaba. Bayan mako biyu wani gwaji ya fara wasa da hankalinmu. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa cinikin da aka rubuta yanzu ya shiga lissafin yau. Da rana lafiya lau yake wucewa. Lokaci-lokaci sai ya yi ja, da safe a danna `Re-run jobs`, ya koma kore ba tare da an taɓa komai ba. Ƙaramin cikinmu, wanda shi abin ya fi faɗa wa, ya fara cewa, "Oga, injin nan aljanu gare shi, a sake danna shi kawai."

Nan ne wurin da tawagogi da yawa ke asarar duk abin da suka gina. Ranar da ja ya zama abin da ake sake dannawa, ba wanda zai ƙara karanta shi, kuma ranar da ya faɗi gaskiya za a danna a wuce. Babbansu ya hana. Ya buɗe jerin duk zagayen da suka faɗi, ya rubuta lokutansu a takarda: 12:14, 12:40, 12:05, 12:52. Duka na dare, duka tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya, lokacin da yaron ya fi son aiki.

Daga nan sai bayani ya fito da kansa. Manhajar tana lissafin rana da agogon Najeriya, gwajin kuma yana tambayar kwamfutar da yake kai ko yau wace rana ce. A kwamfutocinmu amsa ɗaya ce. Kwamfutocin aron kuwa suna bin agogon UTC, wanda Najeriya da Nijar suka riga shi da awa ɗaya. Ƙarfe 12:14 na daren Talata a wurinmu Laraba ta shiga, a can har yanzu 11:14 na Talata ne. Awa ɗaya tak cikin ashirin da huɗu ɓangarorin biyu ke saɓa wa juna. Gyaran shi ne a daina barin gwaji ya duba agogon gaske, a miƙa masa tsayayyen lokaci ta `Clock.fixed`, ya zama ko da yaushe aka yi shi amsar ba ta sauyawa. Da muka bi sawun abin, sai ga wani wuri cikin manhajar kanta da ke da irin wannan ruɗani, wanda zai iya kai bashin da aka rubuta bayan tsakar dare zuwa shafin jiya. Mai shago ba zai ce agogo ne ba, cewa zai yi manhajar tana cin kuɗinsa.

Sai batun lokaci, wanda a nan shi ne kuɗi. Asusun kyauta na GitHub yana ba ma'ajiyar da ba ta fili ba minti 2,000 a wata. Zagayenmu na farko ya ci minti goma sha huɗu, yawanci wajen sauko da ɗakunan karatu na manhaja daga intanet. Layin nan na `setup-gradle` yana adana abin da aka sauko don zagaye na gaba, da shi muka sauka zuwa kamar minti takwas. Yi lissafi: zagaye goma a rana, minti takwas-takwas, kwanakin aiki 22, ya ba da minti 1,760. Mun tsira, amma da ƙyar. Abin da ya ƙara mana sarari shi ne saitin `cancel-in-progress`, wanda ke tsayar da tsohon zagaye in mutum ya sake turo gyara kafin a gama na farko. Wani daɗin kuma, duk saukowar nan a can take faruwa, ba ta taɓa datarka ko batirinka.

Masu manhajar iPhone lissafinsu dabam ne. Ba a harhaɗa ta sai da Xcode, shi kuma sai a kan macOS, kuma minti ɗaya a irin wannan kwamfutar yana cin kusan na Linux goma. Minti 2,000 ɗin nan sun koma 200, wato zagaye 25 in kowanne minti takwas ne, aikin kwana biyu da rabi. Shi ya sa masu amfani da Flutter ko React Native kan yi gwajin kowane canji a Linux, su bar harhaɗin iPhone sai an shigar da canji babban reshe, ko sau ɗaya da dare.

A ra'ayina ƙaramar tawaga kada ta fara da gwajin da ke kunna wayar kwaikwayo yana danna maɓallai. Yana da nauyi, yana cin minti, kuma shi ne ya fi yawan faɗuwa babu dalili. Gara gwaji ashirin masu sauri a kan lissafin kuɗi da kwanan wata, da ɗari masu jan ƙafa. In zagaye ya wuce minti goma, mutum ya riga ya shiga wani aikin, sakamakon zai iske hankalinsa a wani wuri. Kuma a sani, kore yana nufin abin da aka gwada ya wuce kawai. Ba zai faɗa maka cewa rubutu ya fita daga allon ƙaramar waya ba, wannan sai an riƙe wayar a hannu.

Mataki na ƙarshe shi ne a hana shigar da canjin da ya yi ja. GitHub yana da saitin da ke kulle maɓallin haɗawa har sai gwaji ya wuce, sai dai a ma'ajiyar da ba ta fili ba yana buƙatar asusu mai biya. Mu ba mu biya ba a lokacin, sai muka yi yarjejeniya da baki: ba a haɗa ja, kuma in babban reshe ya yi ja, wanda ya jawo ko ya gyara nan take ko ya janye canjinsa kafin kowa ya ƙara turo wani abu. Wanda ya fara karya dokar shi ne babban namu, wata Alhamis da yake sauri. Washegari da safe ya janye canjin da hannunsa, a ƙarshen watan kuma ya biya kuɗin asusun aka kunna kullen.