Wane Satifiket Ne Ke Kawo Aiki a Intanet?

A ce ga wata mata a Amurka tana da ƙaramin shago, tana sayar da kaya ta intanet. Lokacin biyan haraji ya matso, ga shi wata 14 ke nan ba ta daidaita littafin kuɗinta da bayanan banki ba. Sai ta buɗe Upwork, dandalin da ake ɗaukar masu aikin kansu haya daga ko'ina a duniya, ta shiga akwatin bincike. Abin da za ta rubuta a wannan akwati shi ne zai raba gardamar wanda zai samu aikin. Da wuya ta rubuta cewa tana neman mai digiri a lissafin kuɗi. Sunan manhajar da ta riga take amfani da ita za ta rubuta, QuickBooks, ta haɗa da matsalar da ta hana ta barci.

Matasanmu da yawa ba sa kallon lamarin ta wannan ɓangare. Za ka ga saurayi ya tara takardun shaida goma sha, daga Coursera, daga Udemy, daga wani horo na kwana uku, ya jera su a shafinsa kamar kwanukan jeren amarya, sannan ya zauna jiran kira. Wata ya wuce, shiru. Ba wai bai koyi komai ba. Kawai babu ko ɗaya daga cikin takardun nan da ke ɗauke da sunan da mai ba da aiki yake rubutawa idan ya zo nema.

Takardun iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Akwai ta kammala kwas, wadda ke nuna ka kalli darussa har ƙarshe ka amsa 'yan tambayoyi. Akwai kuma wadda kamfanin da ya ƙera manhajar, ko wata hukumar sana'a, ke bayarwa bayan jarrabawa, mai ranar ƙarewa, wadda kowa zai iya bin diddiginta. Ta farko amfaninta yana cikin kanka. Ta biyu ce ke fitowa a tallar aiki. Shi kansa Upwork a da yana da nasa gwaje-gwajen ƙwarewa da ake yi a dandalin, amma ya janye su a 2019, bayan amsoshinsu sun bazu a intanet har makin ya daina nuna komai.

Idan ka lura da ayyukan da ake ambaton satifiket a cikinsu, za ka ga wuri ɗaya suka taru: inda mai aikin zai miƙa wa baƙon da bai taɓa gani ba makullin wani abu mai tsada, shi kuma ba shi da ilimin da zai auna aikin da kansa. Littafin kuɗi, asusun tallar da ke cin daloli kullum, rumbun bayanan kamfani. Shi ya sa sunaye irin su QuickBooks ProAdvisor da Xero suke yawo a ayyukan akanta, Google Ads da HubSpot a ayyukan talla, AWS da Salesforce a ayyukan fasaha, PMP kuma a jagorancin ayyuka. Mai zane ko mai haɗa bidiyo kuwa, ba wanda zai tambaye shi takarda, don ido na ganin aikinsa cikin daƙiƙa biyar. Haka mai fassara zuwa Hausa: jarrabawar ƙungiyar mafassara ta Amurka, ATA, ba ta haɗa da Hausa ba, don haka sakin layi ɗaya ko biyu ake ba ka a gwada ka.

Akwai wani dalili na biyu da ba kasafai ake faɗa ba. Wani lokaci mai ɗaukar ka shi ma takardarka yake buƙata don tasa martabar. Kamfanin talla da ke son tambarin Google Partner sai ya cika sharuɗɗa, ciki har da kashe dala 10,000 a talla cikin kwana 90, da kuma samun rabin masu kula da asusunsa da shaidar Google Ads mai rai. Haka AWS ke ƙirga yawan masu satifiket kafin ya ɗaga darajar kamfanin da ke hulɗa da shi. Idan ka ga irin wannan kamfani ya rubuta cewa dole sai mai shaida, da gaske yake.

Mu koma kan mai shagon nan, mu ɗauki wani da zai nemi aikinta. A ce matashi ne a Kano, ya karanta lissafin kuɗi, har ya fara matakan ICAN. A Najeriya wannan abin taƙama ne. Ita kuwa matar ba ta taɓa jin sunan ICAN ba, kuma ba za ta tsaya bincike ba alhali mutum talatin sun turo mata buƙata. Me ya kamata ya fara yi?

Kafin ya kashe ko kwabo, ya shiga sashen neman aiki na dandalin ya yi ƙidaya. Binciken Upwork yana ba da damar neman jimla daidai yadda aka rubuta ta. Ya sa "QuickBooks ProAdvisor" ya ga ayyuka nawa suka fito, ya sa "Xero certified" ya gani, sannan ya sa sunan kwas ɗin da yake shirin biya wa kuɗi. Adadin kaɗai bai isa ba. Ya buɗe tallace-tallace ashirin ya karanta, yana duba ko an ce shaidar dole ce ko dai an fi so, nawa ake biya, kuma shin mai tallar ya taɓa ɗaukar wani ya biya shi a baya, domin dandalin yana nuna wannan. Aikin yamma ɗaya ne, kuma a ganina ya fi duk shawarar masu tallar kwas a Facebook amfani, tunda su kwas ɗin suke sayarwa.

Idan ƙidayar ta nuna QuickBooks, hanyar a buɗe take. Kamfanin Intuit ne mai manhajar, kuma horon da jarrabawar duk kyauta ne ga wanda ya buɗe asusun akanta a wurinsu. Ana buƙatar kashi 80 cikin 100 kafin a ci, kuma ana sabunta shaidar duk shekara saboda manhajar tana canzawa. Wani abin lura: QuickBooks na Amurka ya bambanta da na Birtaniya da na sauran ƙasashe, musamman a harkar harajin ciniki. Wanda ya koyi ɗaya ya je ya yi wa mai ɗayan aiki, zai iya tarar da allon da bai saba da shi ba. Ya duba ƙasar da yawancin tallace-tallacen suka fito tukuna.

Yanzu ya ci jarrabawa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a saka shaidar a sashen Certifications kawai a tafi. Wannan sashe yana can ƙasan shafi, inda mai gaggawa ba ya isa. A sakamakon bincike, abin da matar ke gani shi ne hoto, taken sana'a, kuɗin awa, makin nasarar aiki, da 'yan layukan farko na bayanin kai. Saboda haka sunan shaidar ya hau cikin taken, a rubuta shi harafi da harafi yadda kamfanin ke rubuta shi, a haɗa da irin aikin da ake nema, misali "QuickBooks ProAdvisor | Cleanup & Bank Reconciliation".

Sai wasiƙar neman aikin. Layi biyu na farko kaɗai ke bayyana kafin a danna a buɗe. Idan ya cinye su da gaisuwa da jerin takardunsa, ya yi asara, kuma asarar ta kuɗi ce: kowace buƙata ana biyanta da abin da Upwork ke kira Connects, ɗaya a kan senti 15. Aikin da ya nemi 16 ya ci dala 2.40 ke nan, buƙatu ashirin irinsa dala 48, ko an amsa ko ba a amsa ba. Gara ya buɗe da tambayar da mai sanin aikin ne kaɗai zai yi: asusun banki nawa ne, wane wata aka daidaita na ƙarshe, kuma nawa ne ya taru a Undeposited Funds? Wannan na ƙarshe wani asusu ne na wucin gadi inda kuɗin da aka karɓa ke zama kafin a haɗa shi da ajiyar banki. Idan mai shago bai iya ba, sai ya rubuta ciniki sau biyu, sau ɗaya a rasit, sau ɗaya daga bayanan banki, ribarsa ta kumbura a takarda, harajinsa ma ya kumbura. Matar da ta karanta wannan tambaya za ta gane an taɓa inda ke mata ƙaiƙayi. Sai a layi na uku ya ambaci shaidarsa, ya sa adireshin da za a tabbatar.

Maganar tabbatarwa tana da nauyi. Yawancin manyan shaidu, irin na AWS, suna zuwa da tambari a shafin Credly, mai nuna ranar da aka bayar da ranar da zai mutu, kuma Upwork yana ba da damar jawo shi kai tsaye. Hoton takarda kawai kowa na iya ƙirƙirarsa. Ranakun nan ma su ne ke kama mutane: ta Google Ads shekara ɗaya take yi, ta AWS uku. Wanda ya bar matacciyar shaida a takensa, ranar da aka duba ya zubar da amanar da ya sa ta don ya samu.

Shaidar tana da iyaka kuma. ProAdvisor na nufin ka iya manhajar, bai mai da kai CPA ba, wato akantan da wata jihar Amurka ta ba lasisi. Shirya wa mutum takardun harajin tarayyar Amurka don a biya ka yana buƙatar lambar PTIN daga hukumar harajinsu, IRS. Idan talla ta ce CPA ake nema, matashinmu ya wuce kawai, kada ya ƙona Connects ɗinsa. Aikinsa shi ne ya gyara littafin ya zama tsaf, akantan matar ya ɗora daga nan.

To masu tsada fa? AWS Certified Solutions Architect – Associate dala 150 ce, tambayoyi 65 cikin minti 130. Idan aka juya wannan zuwa naira, ba kuɗin wasa ba ne ga wanda bai fara samu ba. PMP kuwa ba a ma barin ka zauna jarrabawarta sai ka nuna shekarun da ka yi kana jagorantar ayyuka. Ra'ayina shi ne sabon shiga ya fara da ta kyauta wadda ƙidayarsa ta nuna ana nema, ya bari kuɗin aikin farko su sayi ta gaba. Kuma ko da ya samu mai tsadar, mai ɗaukar injiniya zai ce ya nuna abin da ya taɓa ginawa.

Wa'adin tasirin satifiket ma gajere ne. Ƙarfinsa yana lokacin da shafinka babu sharhin kowa. Da ka gama 'yan ayyuka, Job Success Score ɗinka ya fito, sai idon masu ba da aiki ya koma can. Tambarin Top Rated yana buƙatar maki 90 zuwa sama da samun aƙalla dala 1,000 cikin wata 12, kuma masu ba da aiki na iya tace bincikensu da irin waɗannan alamu, ta yadda wanda bai kai ba ba zai ma bayyana ba. Idan matashinmu ya daidaita watanni 14 ɗin nan, ya gano cinikin da aka rubuta sau biyu ya cire, matar ta ba shi taurari biyar ta rubuta layi biyu na yabo, mai shago na gaba da zai buɗe shafinsa waɗannan layuka biyun zai fara karantawa kafin ya gangara ƙasa neman ProAdvisor.