Yadda Ake Gano Da'irar da Ta Ratsa Ɗigo Uku

Idan aka yi ɗigo ɗaya a kan takarda, da'irorin da za su iya bi ta kansa ba su ƙirguwa. Idan aka ƙara ɗigo na biyu, har yanzu ba su da iyaka, manya da ƙanana. Amma da zarar an sa na uku, muddin ukun ba a kan miƙaƙƙen layi ɗaya suke ba, da'ira ɗaya tak ce ke iya ratsa su duka. Masanin lissafi Euclid, wanda ya yi zamani a birnin Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna yadda ake zana wannan da'ira a littafi na huɗu na shahararren aikinsa. Bayan da René Descartes na Faransa ya fitar da littafinsa na lissafin siffofi a 1637, hanya ta buɗe ta gano ta da lambobi zalla, ba sai da kamfas ba.

Da'ira ita ce tarin ɗigogin da nisansu daga wani ɗigo guda, wato cibiya, ya zo ɗaya. A kan takardar giraf kowane ɗigo yana da lambobi biyu, x da y: na farko yana nuna tafiyarsa dama ko hagu, na biyu sama ko ƙasa. Idan cibiya tana (a, b), tazarar cibiya zuwa baki kuma ita ce r, ƙa'idar Pythagoras tana ba da wannan jumlar daidaito, wadda ɗalibai ke kira ikweshan:

(x − a)² + (y − b)² = r²

Idan aka warware bakan aka tattara komai gefe guda, sai jumlar ta koma surar da aka fi gani a littattafan sakandare:

x² + y² + 2gx + 2fy + c = 0

A wannan sura cibiya tana (−g, −f), kuma r² = g² + f² − c. Lambobi uku ne ba a sani ba: g da f da c. Kowane ɗigo da aka bayar yana samar da sharaɗi ɗaya, don haka ɗigo uku suna samar da sharaɗi uku, daidai da abin da ake nema. Wannan ne dalilin da ya sa biyu ba su isa ba, huɗu kuma sukan yi yawa.

A ɗauki ɗigogi A(−1, 5), B(6, 6) da C(8, 2). Matakin farko shi ne a zuba lambobin kowane ɗigo a gurbin x da y. A wajen A, x² + y² ya zama 1 + 25, wato 26. A wajen B ya zama 72. A wajen C kuma 68. Sai a samu:

−2g + 10f + c = −26
12g + 12f + c = −72
16g + 4f + c = −68

A nan sauƙin hanyar yake. Duk abin da aka ninka da kansa ya riga ya zama lamba, kuma c tana tsaye ita kaɗai a kowane layi, saboda haka debewa kawai za ta kawar da ita. Idan aka debe layi na farko daga na biyu, ana samun 14g + 2f = −46, wanda idan an raba da biyu ya zama 7g + f = −23. Idan aka debe na biyu daga na uku, ana samun 4g − 8f = 4, wato g − 2f = 1. Daga ta farko, f = −23 − 7g. Da aka sa wannan a ta biyu sai ta zama 15g + 46 = 1, don haka g = −3, f kuma −2. A mayar da su layin farko: 6 − 20 + c = −26, wato c = −12. Jumlar da'irar ke nan ta fito:

x² + y² − 6x − 4y − 12 = 0

Cibiyarta tana (3, 2). Tunda r² = 9 + 4 + 12 = 25, tazararta 5 ce.

Ba a barin amsa ba a gwada ta ba. Da yake an yi amfani da A wajen nemo c, sai a gwada da wani ɗigon. A wajen C, 64 + 4 − 48 − 8 − 12 ya ba da sifiri, kamar yadda ake bukata. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alamar debewa. Wani yakan rubuta cibiya a (−3, −2), ya manta ana juya alamar g da f. Wani kuma yakan ninka −1 da kansa ya rubuta −1, alhali 1 ne. Auna nisan cibiya zuwa ɗigogin uku yana tona irin wannan kuskure nan take, domin dole nisan ya zo ɗaya.

Akwai hanya ta biyu, wadda ita ce ta Euclid cikin rigar lambobi. Duk ɗigon da nisansa daga B da C ya zo ɗaya, yana kan layin da ya raba BC biyu daidai yana tsaye cak a kansa. Tsakiyar BC tana (7, 4), gangarar BC kuma −2 ce, saboda haka gangarar layin da ya gitta ta a tsaye ½ ce, jumlarsa kuwa x − 2y = −1. Idan aka yi wa AB haka, ana samun 7x + y = 23. Mahaɗar layukan biyu ita ce (3, 2). Duk wanda ya dubi waɗannan jumloli biyu da kyau zai ga su ne aka samu ɗazu wajen debewa, alama kawai ta juya. Ashe kawar da c da zana layin rabawa aiki ɗaya ne.

Wani abin lura shi ne, ba dole cibiya ta faɗa cikin alwatikar da ɗigogin suka yi ba. A misalin nan kusurwar B ta wuce digiri 90, shi ya sa (3, 2) take waje da alwatikar. Idan kusurwa ɗaya ta cika digiri 90 cif, cibiya tana tsakiyar gefe mafi tsawo. Sai dukkan kusurwoyi sun gaza 90 take zama a ciki. Saboda haka idan ana neman wurin haƙa rijiya mai nisa ɗaya daga ƙauyuka uku, lissafi yana iya nuna wani wuri can bayan gari, ba tsakaninsu ba.

Hanyar tana da iyaka. A gwada (1, 1), (2, 2) da (3, 3). Bayan debewa ana samun g + f = −3 da kuma g + f = −5, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Wannan saɓani alama ce cewa ɗigogin suna kan layi ɗaya: layukan rabawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa, don haka babu cibiya. Kwatanta gangarar AB da ta BC tun farko yana hana ɓata lokaci, domin in sun zo ɗaya babu da'ira.

Ɗigogin da suka kusa zama kan layi ɗaya su ma suna da haɗari a aikin awo. Da'irar da ta ratsa (−10, 0), (0, 1) da (10, 0) tazararta 50.5 ce. Idan aka kuskure awon tsakiya aka rubuta 0.9 maimakon 1, tazarar takan tashi zuwa kimanin 56. Kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ma'auni ba ya haifar da bambancin fiye da biyar. Shi ya sa mai son gano faɗin bakin tukunya daga katanga, ko girman kwanar hanya daga turaku uku, yake zaɓen ɗigogi masu nisa da juna a jikin bakan. Gwargwadon warwatsuwar ɗigogin a kewayen da'ira, gwargwadon ingancin cibiyar da lissafi zai bayar.