Zanen alkaluman riga-kafi: ku dubi gindin sanda kafin ku dubi kanta

Sau da yawa akan turo mana hoto a waya mai sanduna a tsattsaye, ja da kore, wai ga yawan yaran da aka yi wa allurar riga-kafi a gari kaza. Alkaluman suna iya zama gaskiya, amma zanen ya ruɗi ido. Wuri biyu ne ruɗin ya fi ɓuya, kuma za mu duba su da allurar Penta.

Penta ita ce wadda ake yi wa jariri sau uku: yana da sati 6, sati 10 da sati 14. Tana kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo, cutar da ta addabi jihar Damagaram a 2023, musamman yankin Matamaye. Sai yaro ya samu ta uku ake cewa ya cika. Alkaluman da ke tafe misali ne muka ƙaga, ba na wani gari ba ne.

Wuri na farko shi ne layin lambobin da ke gefen zane. A ce gari ɗaya ya samu kashi 82 cikin 100, ɗaya kuma 88. In layin ya fara daga 0, sandunan biyu kusan kai ɗaya suke. Amma in mai zane ya fara daga 80, sandar farko za ta tashi taki 2 kawai, ta biyu ta tashi taki 8. Ido ya ce maka gari na biyu ya ninka na farko sau huɗu, alhali tazarar yara 6 ce cikin kowane 100. Kamar ka hango yara biyu a bayan katanga, kawunansu kaɗai kake gani. Ba ka san tsawon kowa ba sai ka ga ƙafarsa.

To mene ne abin yi? Ku nemi lambar da ke can ƙasan layin. In ba 0 ba ce, ku bar tsawon sanda, ku karanta adadin da aka rubuta a kanta. Ku kuma duba ko takin lambobin daidai yake. Layin da ya tafi 0, 50, 80, 90 da tazara iri ɗaya, ba a yi masa awo na gaskiya ba.

Wuri na biyu shi ne sanda mai hawa-hawa, wadda ake ɗora launi kan launi kamar jerin tubali. Irin wannan tana da ma'ana ne kawai in kowane yaro ya faɗa launi ɗaya tak: waɗanda suka cika, waɗanda suka fara ba su gama ba, da waɗanda ba su samu ko ɗaya ba. In ka haɗa su, dole su ba da 100.

Yanzu a ce an ɗora Penta 1 kashi 90, Penta 2 kashi 80, Penta 3 kashi 70. Sanda ta yi tsawo har 240, abin sha'awa. Sai dai yaran nan ɗaya ne aka ƙirga har sau uku. Ainihin labarin shi ne, cikin yara 90 da suka fara, 20 ba su kai ga ta uku ba, wato sama da yaro ɗaya cikin biyar. Labarin da ya kamata ya tayar mana da hankali ke nan, ga shi tsawon sanda ya rufe shi.

Akwai kuma sandunan da aka daidaita tsawonsu duka a 100. Ƙauye mai jarirai 50 da ya rage kashi 20, yara 10 ke nan. Gari mai jarirai 500 da ya rage kashi 10, yara 50 ne. A zane ƙauyen ne ya fi ja, amma yaran da ke jiran allura sun fi yawa a garin.

Abin tsoro a nan, in zane ya nuna garinku ya yi kore, uwa ta ga kamar an gama, ta fasa komawa awo. In ya nuna ja fiye da kima, a shiga zargin ma'aikatan likita ba da hakkinsu ba. Don haka kafin ku tura wa wani, ku duba inda layi ya fara, ku haɗa launuka ku ga ko sun wuce 100. Sannan a ɗauko katin awon yaro. In gurbin Penta 3 ba a cike ba, a kai shi asibiti mafi kusa. Ko an makara, ba sai an sake daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba.

Allah ya raya mana zuri'a.