Banki Ya Ɗaga Ƙafa, Kuɗin Ruwa Bai Tsaya Ba

«Sai bayan wata shida za ka fara biya.» Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda ya ci bashi don sayen injin da bai fara kawo kuɗi ba. Sai dai a yawancin irin wannan yarjejeniya, biyan kawai aka ɗage. Kuɗin ruwa kuwa tun ranar da bashin ya shiga asusu yake taruwa.

A ɗauki misalin mai casar shinkafa a Kura da ya karɓi naira 1,000,000 kan ruwa kashi 2 cikin ɗari kowane wata, zai biya cikin wata 12. Da ya fara biya nan take, naira 94,560 zai riƙa bayarwa duk wata, ruwan gaba ɗaya ya kama kusan naira 134,700.

Da aka ɗaga masa ƙafa na wata shida, lissafin ya sauya. Ruwan watan farko, naira 20,000, an ɗora shi kan uwar kuɗi. A wata na biyu shi ma ya haifi nasa ruwan, ya zama 20,400. Kafin ya biya ko kwabo, bashin ya kai naira 1,126,162. Biyan wata ya koma 106,489, jimillar ruwa kuma kusan 277,900, fiye da ninki biyu ke nan.

Ana gane hakan a jadawalin biya: in ragowar bashi a wata na shida ya haura abin da aka karɓa, to ruwa na hawa kan ruwa. Da mutumin ya riƙa biyan naira 20,000 ɗin kowane wata a lokacin ɗagawar, da ya rage wa kansa kusan naira 23,000.